Ledar da ta fi gashi siranta, wadda ta tsaya tsakanin batir da gobara

Duk wanda ya zauna a unguwannin Hausawa na kurmi ya san teburin mai caji. A Garki da Ama Hausa ta Inugu, a kewayen masallacin Bida Road na Anacha, a Mile 3 ta Fatakwal har zuwa Oyigbo, ba ka rasa rumfar katako mai soket jere, wayoyi arba'in ko hamsin na shan wuta, kowace da lambarta manne a baya. Mai dako ya kawo tasa, haka mai shayi, haka direban da ya sauke albasa daga Arewa yana jiran lodin komawa. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 janareta ya koma sai mai hali, sola da fawa banki da fanka mai caji suka cika ɗakuna. Sarin kayan kuwa ba nisa: Emeka Offor Plaza da Main Market a Anacha, Ogbete a Inugu, Garrison a Fatakwal.

Da yawa daga cikin waɗannan kaya batirin litiyam ne a cikinsu. In aka zo ciniki, abu biyu ake tambaya: nawa ne lambar mAh da ke jikinsa, kuma orijina ne ko jabu. Masu haɗa sola sun ƙara tambaya ta uku, wato wane sinadari ne a ciki, don an gaya musu akwai mai kamawa da wuta, akwai wanda ba ya kamawa. Tambayoyi ne masu kyau. Sai dai abin da ke yanke hukunci a ranar da batir zai tashi da wuta ba ya cikinsu. Wata farar leda ce a can ciki, da ruwan da ta jiƙu da shi.

Abin da ke cikin kwalin

In aka warware mataccen batirin waya a ɗakin gwaji, bayan an zuƙe cajinsa kaf, abin da ake gani ba ya da kwarjini. Dogayen falle ne guda huɗu da aka naɗe tare kamar tabarma. Na farko siririn jan ƙarfe ne da aka shafe da baƙin girafait, shi ne nagatif. Na biyu siririn alminiyam ne da aka shafe da garin litiyam da kobalt, shi ne fasitif. Sauran biyun fararen leda ne masu laushi, ɗaya tsakanin baƙaƙen fallen biyu, ɗaya a bayansu, don ko an naɗe kada su taɓa juna. Wannan leda ita ce shamaki. Kaurinta yakan kama daga maikuron 10 zuwa 25, maikuron ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Silin gashin mutum yana kai maikuron 70. Ke nan abin da ya raba fasitif da nagatif a wayar da ke aljihunka bai wuce kusan sulusin gashi ba, a wasu ma bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba.

An ɗora wa shamaki aiki biyu masu karo da juna. Dole ya hana fallen biyu haɗuwa, domin in suka haɗu wutar za ta bi ta ciki maimakon ta fito ta waya, abin da masu gyara ke ce wa shot. Dole kuma ya bar ƙwayoyin litiyam su ratsa shi, domin kaiwa da komowarsu shi ne caji da saukar caji. Idan ana caji suna barin fasitif su shige cikin girafait, idan ana amfani da wayar su dawo. Saboda haka ledar ba toshe take ba. Kusan kashi 40 cikin ɗari na jikinta ramuka ne, ƙanana ƙwarai, akasarinsu ba su kai maikuron ɗaya ba ko kusa, kuma ruwan batir ne ya cika su.

Nan ne mutane ke ruɗewa, don ruwan batirin da muka saba da shi na mota ne: asid da ruwa, mai cin tufafi amma ba ya kamawa da wuta. Ɗaki ɗaya na batirin mota folt 2 yake bayarwa. Batirin litiyam yana kai folt 4.2 idan ya cika, na wayoyin zamani ma 4.4, kuma a irin wannan ƙarfi ruwa ba ya jurewa, tarwatsewa yake ya zama iska. Dole aka nemi wani abu. Abin da aka samu shi ne gishirin litiyam mai suna LiPF6, kimanin giram 150 a kowace lita, a narke cikin sinadaran kabonet masu kama da tina. Suna aiki da kyau, amma suna ci da wuta. Ɗaya daga cikinsu, daimetil kabonet, tururinsa na iya kamawa tun daga zafin digiri 18, wato ƙasa da zafin kowane ɗaki a Fatakwal. Ba kuma kwance ruwan yake ba, ba za ka girgiza batir ka ji motsinsa ba. 'Yan giram ne kawai da suka jiƙa fallen da ledar.

To ga yadda lissafin yake. Wutar da aka tara ita ce ashana, ruwan batir shi ne mai, garin fasitif kuma idan ya yi zafi sosai yana sakin iskar oksijin da kansa. Duk abin da gobara ke buƙata yana cikin kwali ɗaya, an rufe. Shamaki ne kaɗai ya hana su gaisawa.

Yawan wutar ba abin rainawa ba ne. Batirin waya mai 5,000 mAh a folt 3.85 yana riƙe da kusan wat 19 na awa ɗaya. In aka juye wannan gaba ɗaya ya zama zafi, ya isa ya kai kofin ruwa mai mililita 200 ga tafasa. A cikin waya ana sakin sa a hankali cikin yini guda. Idan shamaki ya huje, yana fita ta wurin da bai fi kan allura ba, cikin daƙiƙoƙi. Kuma wannan kafin ruwan batirin ya kama ke nan, wanda zafinsa ya fi na wutar kanta.

Ledar da ke rufe kanta

Masu ƙera shamaki ba su bar shi haka kawai ba. Roba iri biyu ake yi da shi. Foli'etilin, dangin ledar da muke zuba kaya, tana narkewa a wajen digiri 130 zuwa 135. Folifurofilin tana jurewa har wajen 165. Kamfanin Celgard na Amurka ya yi suna da haɗa su hawa uku, mai saurin narkewar a tsakiya, mai juriyar a gefe da gefe. Idan batir ya ɗau zafi ya kai 130, ta tsakiyar ta narke ta toshe ramukan, litiyam ya rasa hanya, wuta ta tsaya cak. Na gefen suna nan tsaye suna raba fallen. Batirin ya mutu, ba zai ƙara aiki ba, amma bai fashe ba.

Dabarar tana da iyaka, kuma iyakar ce ya kamata a sani. Tazarar da ke tsakanin rufewar ramuka da rushewar ledar duka digiri 30 ce ko 35. Idan zafin daga wutar da ke gudana yake zuwa, misali an yi shot daga waje, rufewar na iya tsayar da shi. Idan kuwa sinadaran ciki sun riga sun fara cin kansu, zafin zai ci gaba da hawa ko babu wuta, ya tsallake wannan tazara cikin ƙiftawar ido. Ga kuma wata matsala. Lokacin ƙera ledar jan ta ake yi a miƙar da ita don ramukan su buɗe, saboda haka in ta ji zafi sai ta nemi komawa yadda take, ta tsuke. Da ta tsuke bakinta ya janye, gefen fasitif da na nagatif su haɗu. Shi ya sa ake yanka shamaki ya fi fallen faɗi, kuma masu kyau ake shafa musu garin alumina mai kaurin maikuron 2 zuwa 4, wanda ba ya narkewa, ya riƙe ledar. Wannan shafin kuɗi ne. Ba a ganin sa daga waje, ba ya ƙara mAh ko ɗaya, don haka shi ne abu na farko da mai neman araha zai zubar.

Me ya sa ba za a yi ledar da kauri a huta ba? A ƙiyasce, batirin waya mai kaurin milimita 4 yana da hawan shamaki sama da ashirin. Idan aka rage kowane hawa daga maikuron 20 zuwa 10, an samu kusan rubu'in milimita, wurin da za a cusa ƙarin gari mai riƙe caji. Mai saye yana son waya siririya mai kwana biyu ba caji, mai ƙerawa kuma ya san inda zai samo wurin.

Darasin Note 7

Wanda ke ganin wannan matsalar kayan jabu ce kawai, ya tuna da Samsung Galaxy Note 7. An fito da ita a watan Agustan 2016 da batir mai 3,500 mAh. Ba a yi wata guda ba ta fara kamawa da wuta, ranar 2 ga Satumba kamfanin ya ce a dawo da guda miliyan biyu da rabi. Aka ba mutane sababbi masu batirin wani kamfani daban, su ma suka kama. A watan Oktoba aka daina ƙera ta baki ɗaya.

A watan Janairun 2017 Samsung ya bayyana sakamakon bincikensa, bayan gwada wayoyi 200,000 da batura 30,000. A batirin farko, jakar da aka sa naɗin a ciki ta yi masa kaɗan a kusurwar sama ta dama, sai fallen nagatif ya lanƙwashe yana danna shamaki. A na biyu, wurin da aka yi waldar kunnen fasitif ya bar tsinin ƙarfe, tsinin ya huda tef ɗin kariya da shamakin ya taɓa nagatif, wasu ma babu tef ɗin sam. Kamfanoni biyu, kuskure iri biyu, wuri ɗaya suka ɓulle. Sinadarin da ke cikin Note 7 irin wanda ke cikin miliyoyin wayoyin da ba su taɓa ko ɗumi ba ne. Shekara goma kafin nan, a 2006, an janye baturan Sony kusan miliyan goma daga kwamfutocin cinya, Dell kaɗai miliyan 4.1, saboda ɓurɓushin ƙarfe da ya shiga lokacin ƙerawa. A 2021 kuma General Motors ya janye motocinsa na Chevrolet Bolt, dalilin da aka bayar shi ne yagaggen kunnen nagatif da shamakin da ya ninke a cikin batir ɗaya.

Abu ɗaya ya haɗa su: duk suna da allon kariya mai kyau, kuma bai hana komai ba. Allon kariya, wanda masu sola ke kira BMS, yana iya yanke wuta idan caji ya wuce kima, ko ya sauka ƙasa ainun, ko an ja amfiya da yawa. A bakin ƙofa yake tsaye. Shot ɗin da ya faru a cikin naɗin bai bi ta ƙofa ba, babu abin da zai yanke.

A teburin mai gyara

A nan kurmi, hannunmu ne ya fi yi wa shamaki illa, ba masana'anta ba. Dubi yadda ake cire batir a rumfar gyara. Wayoyin yanzu manne batirin yake da gam. Akwai tef ɗin da aka tanada a ja a hankali gam ɗin ya saki, amma yakan tsinke, ga mai waya tsaye yana jiran mota. Sai yaron shago ya sa bakin sukuddireba a ƙarƙashi ya ɗaga. Batirin ya lanƙwashe kaɗan ya fito, ya danna shi da babban yatsa ya miƙar, ya gyara abin da zai gyara, ya mayar. Wayar ta kawo wuta, kowa ya gamsu. A ciki kuwa hawa ashirin da wani abu na leda sun karye a layi ɗaya, garin fallen ya tsattsage, wani ɓurɓushi ya makale a jikin shamaki. Girafait yana kumbura da kusan kashi 10 cikin ɗari duk lokacin da ya cika da caji, ya koma idan ya sauka. Kullum ana matse wannan wuri ana saki. Hujin na iya zuwa bayan mako uku, da dare, a teburin mai caji, kuma cajar za a zarga.

Batirin da ya lanƙwashe wajen cirewa ya gama aiki, ko da yana nuna folt daidai. Kafin a taɓa shi ma, a sauke cajin ƙasa da kashi 25 cikin ɗari, don batirin da ba shi da caji sosai ko an huda shi da wuya ya tashi. Dalilin ke nan tun watan Afrilun 2016 ba a ɗaukar baturan litiyam zalla a jirgin sama na ɗaukar kaya sai cajinsu bai wuce kashi 30 ba. A yi amfani da fallen roba da ɗigon sifirit don gam ya saki, ba ƙarfe ba. Idan aka ji wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi kamar na tina, jakar ta huje, ruwan batir ne ke fita.

Hujin jaka a Fatakwal ko Anacha ya fi muni bisa na Sakkwato, saboda laima. Gishirin LiPF6 ba ya shiri da ruwa ko kaɗan. Da sun haɗu sai ya haifar da asid ɗin haidurofulorik, mai cin fallen daga ciki kuma mai ƙona fata da huhu. A masana'anta ɗakin da ake zuba ruwan batir ya fi hunturun hamada bushewa nesa ba kusa ba. Batirin sola da ambaliya ta shanye, irin wadda ta mamaye Ogbaru kusa da Anacha a 2022, ba a shanya shi a rana a mayar.

Kumburi ma daga ruwan batir yake. Tun cajin farko a masana'anta, kaɗan daga cikinsa ke ruɓewa a fuskar girafait ya zama wata siririyar fata, ita ce ke kare sauran daga ci gaba da ruɓewa. Zafi yana lalata wannan fata, ta sake ginuwa, kowane zagaye yana cin ruwan yana fitar da iska. Wayar da ke kwana a caji ƙarƙashin rufin kwano, ko fawa bankin da ake bari a gaban gilashin mota, haka suke tara iska har murfin baya ya ɗaga. Masu ƙerawa sun ce kada a yi caji a zafin da ya wuce digiri 45. A ɗora batirin a kan tebur mai santsi a juya shi da yatsa, idan ya yi ta juyi, cikinsa ya fito. Wasu masu gyara suna huda shi da allura iskar ta fita, su manne da tef. Wannan ba gyara ba ne. Iskar mai kamawa ce, laima ta samu ƙofa, kuma allurar tana tazarar gashi da shamaki.

'Yan gwanjon batir

Sana'ar da ta bunƙasa kwanan nan ita ce farfasa tsofaffin baturan kwamfuta a ciro 'ya'yan, masu siffar gwangwani da ake kira 18650, wato faɗi milimita 18, tsawo 65, a haɗa fawa banki ko batirin inbata. Ba haramun ba ce, amma tana da ƙa'ida, kuma ƙa'idar duk a kan shamaki take.

A ce an ciro guda goma. Da farko a sa mita. Duk wanda ya nuna ƙasa da folt 2 a ware shi gefe, kada a ce za a tashe shi. Idan batir ya sauka ƙasa ainun, jan ƙarfen nagatif yakan fara narkewa cikin ruwan batir, da aka sake caji sai ya dawo ya daskare a inda ya ga dama, har cikin ramukan shamaki, ya zama gadar ƙarfe. Sauran a yi musu caji a hankali zuwa 4.2, ana taɓa su, wanda ya yi zafi a fitar. Sai a rubuta folt ɗin kowane a jikinsa a ajiye su mako biyu ba a haɗa su da komai ba. Lafiyayye zai sauka kaɗan, ya tsaya wajen 4.15. Wanda aka tarar a 4.0 ko ƙasa da haka, ba wanda ya sha masa caji, ta ciki ya zurare, alamar shamakinsa ya fara yoyo. Irinsa ɗaya a tsakiyar guda arba'in ya isa, domin in ya tashi zafinsa zai narkar da ledar maƙwabcinsa, shi ma ya kai wa na gaba.

Sikeli ma yana tona asiri. 18650 na gaskiya yana da nauyin giram 45 ko sama kaɗan, kuma ko masu kyau akasarinsu ba su wuce wajen 3,500 mAh ba. Wanda aka rubuta wa 9,900 mAh, ka ɗora shi ya nuna giram 30, ƙaryar da ke fatarsa ta isa ta gaya maka irin ledar da ke cikinsa.

Saura maganar sinadari, wadda masu sola suka riƙe. Gaskiya ne batirin LiFePO4, mai ƙarfe da fosfet, ya fi mai kobalt da nikel aminci. Garinsa yana riƙe oksijin ɗinsa gam, yana jure zafin da ya fi na sauran, kuma folt ɗinsa 3.2 ne. Wanda zai sa batir a ɗakin da ake kwana, shi ya kamata ya nema. Amma ruwan da ke cikinsa dai wannan mai kamawar ne, shamakinsa dai wannan ledar ce. Idan ta huje ba lalle a ga harshen wuta ba, sai farin hayaƙi mai kauri, cike da haidurojin da kabon monoksaid. A ɗakin haya mai taga ɗaya, irin na bayan kasuwa da mutum shida ke kwana, wannan hayaƙi yana shaƙe mutum, kuma in ya taru tartsatsi ɗaya ya ishe shi fashewa. Wurin batirin inbata shi ne inda iska ke ratsawa, nesa da ƙofar fita, ba ƙarƙashin gado ba.

In ta riga ta faru a teburin caji, alamun su ne zafin da hannu ba ya iya riƙewa, ƙarar huci, da wannan ƙamshi. A fara yanke wutar teburin. A ture wayar da wani dogon abu zuwa ƙasan siminti ko cikin bokitin ƙarfe, a janye sauran wayoyin daga kusa da ita, a tsaya ta inda iska ba ta kawo hayaƙin. Ruwa mai yawa shi ne maganin ƙaramin batir, ko a jirgin sama da shi ake sanyaya wayar da ta kama, don abin da ake nema shi ne a sauke zafin ƙasa da inda ledar 'yan'uwansa ke narkewa. Rufe shi da bargo ba ya kashe shi, tunda yana da oksijin nasa. Fawa banki mai 'ya'ya huɗu ko shida yakan lafa sannan ya sake tashi bayan mintuna ko awanni, lokacin da zafi ya kai ga na kusa, saboda haka a bar shi a waje cikin bokitin har washegari.